Shagona da inshora: me ya sa wani ake biyan shi, wani kuma a ba shi rabi?

Ga rubutaccen shirin na wannan mako ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau zancen masu ƙananan shaguna za mu yi, musamman 'yan uwanmu na kudancin Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram da kewaye. Mai shagon firobishin a bakin titi, mai sayar da atamfa da shadda, mai kayan waya da caji, mai rumfa a kasuwar Sara. Abu uku ne ke iya tayar da irin wannan shago a dare ɗaya: gobara, ɓarawo, da ruwa. Kowa ya san wannan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda inshora take lissafi idan abin ya faru. Shi ya sa za ka ji wani yana cewa, "Na yi inshora amma suka cuce ni." Sau da yawa idan ka bi diddigi, abu biyu ne suka kayar da shi: kuɗin da ya rubuta a takarda bai kai darajar kayansa ba, ko kuma ba shi da hujjar abin da ke cikin shagon. A kan wannan nake so mu tsaya yau.

Bari in fara da yanayin wurin. A wannan yanki kowane haɗari yana da lokacinsa. Gobara ta fi yawa da hunturu, daga Disamba zuwa wajen Maris, lokacin da komai ya bushe, iska na kaɗawa, mai gadi ya hura wuta yana jin ɗumi. Ruwa kuma Agusta da Satumba ne. Mutanen Gwaram ba za su manta da Agustan 2021 ba, lokacin da ruwa ya cinye gada a Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. A 2022 ma ambaliya ta taɓa mafi yawan ƙananan hukumomin Jigawa, kuma a daminar shekarar ce ruwa ya shiga Kantin Kwari a Kano ya jiƙa dilolin kaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 kuwa dubban shaguna ta cinye. Idan manyan kasuwanni ba su tsira ba, to shago mai ƙofa ɗaya da rufin kwano sai ya yi wa kansa shiri.

Na san tambayar farko da za ta zo a ran wasu: shin inshora ta halatta? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yi matsaya a 1985 cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari mai yawa, amma ta amince da ta taimakekeniya. Wannan ta biyun ita ce ake kira takaful, kuma kamfanin farko irinsa a Sudan aka kafa shi a 1979. A Najeriya hukumar da ke kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Yadda take aiki shi ne, kuɗin da ka zuba gudummawa ce a asusun haɗin gwiwa. Wanda asara ta samu a cikinku, daga asusun ake biyan shi. Kamfanin wakili ne, yana ɗaukar ladan aikinsa, kuma idan shekara ta ƙare da rara, ana iya raba wani kaso ga waɗanda ba su karɓi diyya ba. Wanda yake da sauran tambaya ta addini ya tuntuɓi malaminsa. Amma ku riƙe wannan: lissafin da zan kawo yanzu ɗaya ne, ko takaful ka yi ko inshorar da aka saba.

To, me takardar take rufewa? A nan ne kuskuren farko yake. Mutum ya ce "na yi wa shagona inshora", yana zaton komai ya shiga. Ba haka ba ne. Inshorar gobara ta asali, gobara ce da tsawa, sai fashewar gas irin na amfanin gida. Ambaliya da guguwa da tarzoma ƙari ne, ana kiran su haɗurra na musamman, kuma sai an rubuta su a takardar sannan suke aiki. Idan shagonka yana gangare, ko kusa da kwalbati, ko a unguwar da ruwa ke kwanciya, ka tambaya da bakinka: ambaliya tana ciki? Nuna min layin. Kuma ko tana ciki, ruwan da ya ɗigo ta tsohon kwanon da ya huje ba ambaliya ba ce a wajensu. Wannan rashin gyara ne, a kanka yake.

Sata kuma takardarta daban. Abin da suke rufewa shi ne fasa shago, wato a shiga ko a fita da ƙarfi, a bar alama: an yanke kwaɗo, an ɓalle ƙofa, an fasa bango, an ɗaga kwano. Idan da rana tsaka wani ya ɗauki katan ɗin madara yana wucewa, wannan bai shiga ba. Idan yaron shago ne yake ɗiba kaɗan kaɗan, ko aka buɗe da makullin da ka ba wani, shi ma bai shiga ba. Tsabar kuɗin da ka bari a durowa yawanci ba ya cikin inshorar kaya, yana da tasa daban. Masu sana'ar POS ku lura da wannan sosai.

Abu na uku, ginin. Idan haya kake yi, ginin na mai shi ne, kai kayanka za ka rufe: hajar sayarwa, kanta, firiza, janareto, sola da batiranta. Kowanne a rubuta shi da kuɗinsa. Abin da ba a rubuta ba, ba a biya.

Yanzu mu zo kan zuciyar maganar. Mu ɗauki misali, kuma adadin da zan faɗa na misali ne don lissafi ya fito fili. Wani matashi yana da shagon firobishin a Birnin Kudu. Shinkafa, taliya, sukari, man girki, sabulu, madara, lemo. Lokacin da ya yi inshora, ya ce a rubuta hajarsa naira miliyan 3. Wataƙila a lokacin haka kayan suke, wataƙila kuma ya rage ne da gangan don kuɗin da zai biya a shekara ya yi sauƙi. Watanni suka wuce, farashi ya tashi, azumi ya matso, ya je kasuwar Singa ya ƙaro kaya. Ranar da wuta ta tashi, hajar da ke cikin shagon ta kai miliyan 5. Makwabta suka taimaka aka kashe wutar, aka tsira da wani ɓangare. Abin da ya ƙone da wanda ruwan kashe gobara ya lalata ya kama miliyan 2.

Shi a tunaninsa, ai lissafin mai sauƙi ne: na yi inshorar miliyan 3, asarata miliyan 2, ba ta ma kai ba, don haka za a ba ni miliyan 2 cif. Kamfani kuma ga yadda zai duba. Kayanka miliyan 5 ne, ka rufe miliyan 3 kawai, wato kashi 3 cikin 5. Ragowar kashi 2 cikin 5 kai ka ɗauke wa kanka. Saboda haka duk asarar da ta faru, kashi 3 cikin 5 za mu biya. Kashi 3 cikin 5 na miliyan 2 shi ne naira miliyan 1 da dubu 200. Wannan sharaɗi 'yan inshora suna ce masa abareji, kuma kusan duk takardar gobara da ta sata tana ɗauke da shi.

Ba a nan aka tsaya ba. Yawancin takardu suna da wani kaso na farko da ke kan mai shago a kowace asara, wanda suke kira ekses. Mu ƙaddara a takardarsa kashi 10 cikin 100 ne. An cire dubu 120. Abin da zai shiga asusunsa naira miliyan 1 da dubu 80. Ya yi asarar miliyan 2, ya karɓi kaɗan fiye da rabi. Da ya rubuta miliyan 5 tun farko, da miliyan 1 da dubu 800 zai karɓa. Bambancin dubu 720 ne, alhali ƙarin da zai biya a shekara don ya rufe waccan miliyan 2 ɗin bai kai ko kusa da haka ba.

Kada ku ga kamar zalunci ne. Ku duba ta ɓangaren asusun. Mutum biyu, kowa da kayan miliyan 5. Ɗaya ya zuba gudummawar miliyan 5, ɗaya ya zuba ta miliyan 3. Idan aka biya su daidai, an ci da gumin na farko ke nan.

To ya za ka guje wa wannan? Abu uku. Na ɗaya, ka ƙiyasta haja da kuɗin sari, wato abin da za ka kashe ka sake sayo ta har ta iso shago, ba kuɗin da kake sayarwa ba. Inshora tana mayar da kai inda kake ne kafin asara, ba ta biyan ribar da kake sa ran ci. Na biyu, ka rubuta adadin lokacin da shagon ya fi cika, kamar gab da azumi ko Sallah, ko bayan kaka da kuɗi ke hannun manoma. Wuta ba ta jiran ranar da kaya suka ragu. Na uku, idan farashi ya yi tsalle ko ka faɗaɗa shago a tsakiyar shekara, ka kira kamfanin a ƙara adadin, ka biya ɗan bambancin, a ba ka shaida a rubuce. Kada kuma ka wuce gona da iri: idan kayanka miliyan 5 ne ka rubuta miliyan 8, ba za a taɓa biyan ka fiye da asararka ta gaskiya ba, kuɗinka kawai ka ɓata.

Yanzu tambaya: ta ina kamfani ya san hajar ta kai miliyan 5, bayan wani ɓangare ya zama toka? Idan asara ta faru, ana turo mai ƙiyasin asara. Zai duba wurin, ya ƙirga abin da ya rage, sannan ya ce ka kawo littafi. Lissafin da yake yi ba shi da wuya, kai ma za ka iya. Ana ɗaukar ƙirgar kaya ta ƙarshe da ka yi, a ƙara abin da ka saro bayan nan, a cire abin da ka sayar.

Mu koma wajen matashinmu. Farkon wata ya ƙirga kaya, suka kama miliyan 4 da dubu 600. A cikin watan ya yi sari na miliyan 1 da dubu 900, yana da rasit da shaidar tiransifa. Cinikin da ya yi zuwa ranar gobara miliyan 1 da dubu 650 ne. Amma wannan kuɗin sayarwa ne, akwai riba a ciki. Idan yana ɗora kashi 10 cikin 100 a kan sari, to kayan da suka fita sarinsu miliyan 1 da dubu 500 ne. Ka haɗa miliyan 4 da dubu 600 da miliyan 1 da dubu 900, ka samu miliyan 6 da rabi. Ka cire miliyan 1 da rabi. Saura miliyan 5. Idan aka ƙirga kayan da suka tsira aka ga miliyan 3, to asara miliyan 2 ce, babu jayayya.

Wanda ba shi da littafi fa? Sai dai ya yi ta rantsuwa, mai ƙiyasi kuma ba da rantsuwa yake aiki ba. Zai auna girman shago, ya duba gwangwanayen da suka ƙone, ya yanke adadin da zai iya karewa a gaban kamfani, kuma da wuya adadin ya yi maka daɗi. Abin takaici, da yawa suna da littafin, amma a cikin shagon yake kwana, sai ya ƙone tare da kayan. Maganin wannan yana aljihunka. Duk ƙarshen wata ka ƙirga kaya, ka ɗauki hoton shafin, ka yi bidiyon minti biyu kana zagaya kantoci da sito. Duk rasit ɗin sari ka ɗauke shi hoto a ranar. Ka tura wa kanka ta imel, ko ka tura wa ɗan uwanka ta WhatsApp, don ko wayar ta ɓace hujja tana nan. Littafin bashi ma haka. Inshorar gobara ba ta biyan bashin da kake bin mutane, kuma idan littafin ya ƙone, ka san yadda mantuwa take kama masu cin bashi.

Akwai wani nau'in kaya da ake mantawa. Hajar da ka karɓo bashi daga dila, idan ta ƙone bashin yana nan a wuyanka, don haka ka sa ta cikin lissafi. Kayan ajiyar mutane kuma, kamar wayoyin da aka kawo caji ko buhun da wani ya ce ka ajiye masa zuwa ranar kasuwa, ba naka ba ne, sai ka faɗa tun farko an rubuta su sannan ake duba su.

Wannan ya kawo mu ga fom ɗin da ake cikewa. Gaskiyar da ka faɗa a nan ita ce ginshiƙin yarjejeniyar. Za a tambaye ka da me aka yi ginin, bulo ne ko katako da kwano. Kana ajiye fetur ko gas? Akwai mai gadi? An taɓa yin ambaliya ko sata a wurin? Idan kana ajiye jarkar fetur ɗin janareto a bayan kanta ka ce babu, ranar da wuta ta tashi aka ga jarkar, kamfani yana da damar ƙin biya gaba ɗaya. Haka idan ruwa ya taɓa shiga shagon ka ɓoye. Gara a ƙara maka kuɗi kaɗan, ko a ce maka ba za a rufe ambaliya a wannan wuri ba, ka san matsayinka tun da wuri.

Sannan ka karanta sharuɗɗan da aka ɗora maka. Sau da yawa inshorar ambaliya tana cewa dole kaya su kasance a kan katako ko kanta, aƙalla santimita 15 daga ƙasa, kusan tsawon taƙi guda. Buhun sukarin da ke zaune a kan siminti ba za a biya shi ba. Ta gobara tana iya cewa ka ajiye tukunyar kashe gobara mai aiki. Ta sata tana iya ambaton irin ƙofa da kwaɗo, ko mai gadi da dare. Waɗannan sharuɗɗan ko ba ka yi inshora ba suna da amfani. Ka ɗaga kaya daga ƙasa kafin Agusta, masu tsada da masu jin ruwa a sama. Ka yashe kwatar gaban shago tun farkon damina, ka ɗaga dokin ƙofa da layin bulo. Ka sa makunni ɗaya kusa da ƙofa da zai kashe wutar shagon duka idan za ka rufe, saboda gobarar dare da yawa daga dawowar wutar lantarki take farawa. Batirin sola da inbata kada su zauna cikin katan-katan. Ka tanadi tukunyar kashe gobara mai hoda da bokitin yashi, domin wutar fetur da ta lantarki ba a zuba musu ruwa. Idan kana da hali, ka raba haja gida biyu, kada jarinka duka ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma idan ka raba, ka sa adireshin wuri na biyu a takarda, don inshora wurin da aka rubuta kawai take bi.

Wajen biya kuma, a Najeriya ƙa'ida ce: idan kuɗin bai shiga ba, babu kariya. Alkawarin "zan kawo ranar kasuwa" ba ya aiki. Ka biya ta asusun kamfanin, ba asusun wani mutum ba, ka karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya, ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM. Ka sa ranar ƙarewar ta a kalandar wayarka, don shekara ɗaya ce, kuma kwana ɗaya bayan ta ƙare daidai yake da ba ka taɓa yi ba.

Idan abin ya faru, Allah ya kiyaye, ga tsarin. Rai ne farko, kada ka shiga wuta don katan. Bayan nan ka sanar da kamfani a ranar, ta waya da kuma a rubuce. Ka ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai. Idan sata ce ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, kuma kada ka yar da kwaɗon da aka yanke. Idan gobara ce ka nemi rahoton hukumar kashe gobara. Ka tsare kayan da suka tsira, domin idan ka bar su aka wawashe, wannan a kanka ne. Kada ka share wurin ko ka zubar da abin da ya lalace sai mai ƙiyasi ya gani. Takardar tana da wa'adin kawo cikakken lissafi, sau da yawa kwana 30, ka duba naka. Kada ka ƙara ko katan ɗaya a lissafi, saboda ƙarya guda tana iya rushe haƙƙinka duka. Idan an kawo maka adadin da za a biya, ka nemi a nuna maka yadda aka yi lissafin kafin ka sa hannu. Idan kun kasa daidaitawa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Abu na ƙarshe: ba kowace asara ake kai wa inshora ba. Ɓera ya ci taliya, katan biyu sun jiƙe, wannan aikin asusunka ne. Ka riƙa ware wani abu duk mako a banki har ya kai ekses ɗinka da kuɗin hayar wata biyu ko uku, domin ko za a biya ka, ba a ranar za a biya ba. Inshora ta babbar asara ce, irin wadda adashe da gudummawar 'yan uwa ba za su iya ɗauka ba, musamman ambaliya da gobarar kasuwa, inda waɗanda za su taimake ka su ma abin ya shafe su.

Aikin wannan mako guda ɗaya ne. Ka rufe shago da awa ɗaya kafin lokaci, ka ƙirga kayanka da kuɗin sari, ka rubuta jimilla, ka ɗauki hoto ka tura wani wuri. Idan kana da inshora, ka kwatanta wannan adadi da wanda ke takardarka. Idan ba ka da ita, da wannan adadin za ka je ka tambayi farashi a kamfani biyu ko uku.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.